Yadda za ka gane ko tallar da kake biya tana kawo riba ko tana cin jarinka

Tambaya ɗaya ce 'yan uwa 'yan kasuwa da ke Agege, Idi-Araba da Mile 12 suke ta maimaita mini: shafin talla yana nuna cewa kowace naira ɗaya ta dawo da biyar, oda tana shigowa, masu babur suna ta zirga-zirga, amma ranar da za a sake saro kaya sai a tarar kuɗin ba su kai ba. Wasu har sun fara zargin yaran shago. Sau da yawa ba wanda ya saci ko kwabo. Lambar da ake kallo ce ba ta auna riba.

Lambar nan ita ce wadda Ads Manager na Facebook da Instagram yake rubutawa da sunan Purchase ROAS. Abin da take yi kawai shi ne raba kuɗin cinikin da shafin ya gani da kuɗin da ka biya na talla. Ba ta san nawa ka saro kayan ba, ba ta san kuɗin mai babur ba, ba ta kuma san cewa wanda ya yi oda daga Ajah ya kashe wayarsa ba.

Zan bi lissafin da misali guda daga farko har ƙarshe. Wata Hajiya ce a Agege mai sayar da haɗin turaren wuta da humra da ake aiko mata daga Maiduguri, kowane haɗi ₦25,000, kai wa gida kyauta, sai kaya sun iso hannu a biya. Alƙaluman na misali ne, kai sai ka sa naka a madadinsu. Abin da za ka tanada kafin ka zauna: takardar shige da ficen asusun bankinka ta wata guda, littafin oda, jerin kuɗin da aka biya masu babur, rasitan talla, da kalkuleta. Awa biyu sun isa idan rubuce-rubucenka suna nan.

Mataki na 1: Zaɓi wata guda da ya riga ya rufe

Kada ka yi lissafin watan da kake ciki. Ɗauki wanda ya wuce da aƙalla mako biyu, domin a lokacin duk odar da za ta kai ta kai, wadda za ta dawo ta dawo, kuma masu babur sun gama turo kuɗin da suka karɓa. Buɗe Ads Manager, ka saita ranakun, ka kwafe abu uku: Amount spent, yawan Purchases, da Purchase ROAS.

A wurin Hajiya, talla ta ci ₦300,000, shafin ya ƙirga oda 60, wato cinikin ₦1,500,000. ROAS ya tsaya a 5. Ita kuma a ranta ta riga ta yi lissafi cewa tunda rabin farashin kayanta riba ne, duk abin da ya haura 2 alheri ne. A kan wannan tunanin ne ta yi niyyar ninka kuɗin tallar a wata mai zuwa.

Gargaɗi: ka tabbata ranakun da ka saita a shafin talla su ne ranakun da za ka duba a littafin oda. Idan ɗaya ya fara ran 1 ga wata ɗayan kuma ran 5, duk abin da zai biyo baya ya karkace.

Mataki na 2: Haɗa ainihin abin da talla ta ci

Abin da ke ƙarƙashin Amount spent ba shi ne duka abin da ya fita daga aljihunka ba. Tun farkon 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan masu talla a Najeriya, kuma a rasit ake ganinsa, ba a cikin lambar da ake lissafa ROAS da ita ba. A kan ₦300,000, harajin ₦22,500 ne. Idan da katin dala kake biya, kada ka ɗauki canjin da kake tunani, duba nawa aka cire maka a naira lokacin da ka loda katin, har da ladan masu katin.

Sai kuma mutanen da suka sa tallar ta yiwu. Hajiya tana biyan wani yaro ₦40,000 a wata don ya kula da tallar, ta kuma biya ₦25,000 aka ɗauki bidiyo da hotuna. Jimilla, tallar ta ci ₦387,500. Idan ka ba wata mai mabiya da yawa kaya kyauta don ta nuna su, kuɗin sarin kayan nan ma a nan za ka sa shi.

Mataki na 3: Ƙirga odar da ta zama kuɗi

Nan ne mafi yawan 'yan kasuwar Legas suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Idan tsarinka na sai kaya sun iso a biya ne, shafin talla yana ƙirga ciniki ne tun lokacin da mutum ya cike fom ya danna maɓalli. Daga wannan lokacin shafin ya gama aikinsa, ya rubuta ₦25,000. Amma kai ka san tsakanin danna maɓalli da shigowar alat akwai tafiya mai nisa. Wani ya danna ne cikin dare yana kwance, gari na wayewa ya manta. Wata ta yi oda tana jiran albashi, albashin bai shigo ba. Wani ya ba da adireshin ofis a Ikoyi, mai babur ya sha gosulo ya isa bayan an tashi. Wata ta yi oda a wuri uku, wanda ya riga isowa shi ta biya.

Ɗauki littafin oda ka raba kowace oda gida huɗu: wadda ba a ma fita da ita ba saboda an kira ba a ɗauka ba ko an fasa, wadda aka fita da ita ta dawo, wadda aka karɓa aka biya cikakke, da wadda aka karɓa amma da ragi. A cikin 60 na Hajiya, 11 sun mutu tun a waya. An ɗora 49 a babur, 9 suka dawo, 40 aka karɓa. A cikin 40 ɗin nan, mutum goma sun tsaya a bakin ƙofa suna neman ragi, mai babur ya kira, Hajiya ta ga gara ta sauke ₦2,000 da a dawo mata da kaya. Saboda haka kuɗin da suka shigo ₦980,000 ne, ba ₦1,500,000 ba. Sama da rabin miliyan na cinikin da shafin ya nuna bai taɓa zama kuɗi ba.

Gargaɗi: kada ka yarda da littafi shi kaɗai. Kowace oda da aka rubuta an biya, nemo alat ɗinta a takardar banki. Kuɗin da ke hannun mai babur ko wakilin da ke ajiye maka kaya a wata unguwa bashi ne har sai sun shigo. Na sha ganin littafi ya ce an biya, kuɗin kuma suna yawo mako uku a hannun wani.

Mai sayarwa ta WhatsApp, wanda tallarsa saƙo take kawowa ba oda ba, shi ma wannan matakin ya shafe shi, sai dai shi zai fara ne daga yawan waɗanda suka yi magana zuwa waɗanda suka biya.

Mataki na 4: Fitar da kuɗin kayan har zuwa shagonka

Kuɗin sari ba shi ne kuɗin kaya ba. Kaya sai sun iso Legas, an zuba su a mazubi, an naɗe, sannan ake sanin nawa suka tsaya. Haɗi ɗaya na Hajiya ₦11,000 ne a Maiduguri. Kuɗin mota zuwa Legas da na ɗauko su daga tasha, idan aka raba a kan yawan kayan, ₦600 ne. Kwalba, kwali, leda da takardar suna ₦900. Kowane haɗi ya tsaya ₦12,500, guda 40 kuwa ₦500,000.

Gargaɗi: yi lissafi da farashin da za ka sake saro kayan yau, kada ka yi da wanda ka saya wata uku da suka wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, duk wanda ke kasuwa ya ga yadda kuɗin mota da na kwalba suke tashi tsakanin sari da sari. Idan ka sayar a kan tsohon farashi, littafi zai nuna riba, amma kuɗin ba za su sake cika maka shago ba.

Mataki na 5: Kuɗin kai kaya, har da na waɗanda suka dawo

Kalmar "kai wa gida kyauta" tana ƙara oda, tana kuma ƙara wa ROAS kyau, domin kuɗin mai babur ba ya cikin lissafin shafin. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ninka kuɗin babur da yawan odar da aka karɓa. Mai babur kuwa tafiyarsa ake biya, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Hajiya ta biya tafiya 49, a matsakaicin ₦3,000, wato ₦147,000. Guda 9 da suka dawo, an ƙara mata ₦1,500 a kowanne na dawowa da su, ₦13,500. Biyu daga cikinsu humrar ta tsiyaye a akwatin babur ta ɓata kwalin da turaren, ba su sake sayuwa ba, asarar ₦25,000.

Sauran ƙananan su ne katin waya da data na kiran masu oda, ₦12,000, da abin da banki da masu POS suka yanka, ₦6,000. Wanda yake karɓar kuɗi ta Paystack ya duba nasa: kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100 a kan cinikin cikin gida, ba ya wuce ₦2,000 a ciniki ɗaya.

Kada ka tsaya a matsakaici kawai. Rubuta unguwar kowace oda a gefenta. Daga Agege zuwa Ikeja ko Ogba tafiya ce ta kusa, amma Ajah, Ikorodu ko hanyar Badagry wani abu ne daban, kuɗinsu ya fi yawa, kuma idan aka dawo da kaya daga can asarar ta fi zafi. Shafin talla duk ₦25,000 yake ganinsu. Sau da yawa za ka tarar unguwa biyu ko uku ne suke cinye ribar sauran.

Mataki na 6: Cire, ka ga abin da ya rage wa talla

Yanzu haɗa abin da ka samu a mataki na 4 da na 5. Na Hajiya: kaya ₦500,000, babur ₦147,000, dawowa ₦13,500, ɓarna ₦25,000, waya ₦12,000, banki ₦6,000. Duka ₦703,500. Cire su daga ₦980,000 da suka shigo, saura ₦276,500.

Wannan ₦276,500 shi ne duk abin da cinikin watan ya bari don a biya talla. Tallar kuwa ta ci ₦387,500. Hajiya ta faɗi da ₦111,000 a watan da shafinta ke nuna mata 5, kuma ba a taɓa hayar shago, albashin yarinyar da ke naɗe kaya, wutar lantarki da man janareta ba tukuna.

Idan kana so ka ji nauyin abin a kan oda ɗaya, raba da 40. Kowane haɗin da aka karɓa ya bar mata kusan ₦6,900, amma ta biya kusan ₦9,700 kafin ta samo mai sayensa. Duk lokacin da mai babur ya kira ya ce an karɓa, ta yi asarar kusan ₦2,800. Da ta ninka kuɗin tallar kamar yadda ta yi niyya, asarar za ta ƙaru.

Me ya sa ba ta ji a jikinta ba? Saboda kuɗi suna shigowa kullum, alat yana ta ƙara, kayan da take sayarwa kuma an riga an biya kuɗinsu tun watan baya. Jarin ne yake narkewa ya zama kuɗin hannu, ana ɗiba ana biyan talla da shi. Sai ranar sari ake ganin ramin.

Mataki na 7: Nemo lambar da kai kake bukata

Babu wani ROAS da yake mai kyau ga kowa. Mai sayar da kayan da ribarsu ke da kauri kuma ana biyansa kafin ya aika zai iya cin riba a 2. Mai ƙaramar riba da ke kai kaya kyauta zai iya faɗuwa a 6. Don haka idan wani ya ce maka 3 ko 4 ya isa, tambaye shi da kuɗin kayan wa ya yi lissafin.

Ga yadda za ka fitar da taka iyakar:

```
iyaka = ROAS × (duk kuɗin talla ÷ abin da ya rage)
iyaka = 5 × (387500 ÷ 276500) = 7.0
```

Hajiya tana zaton iyakarta 2 ce, ashe 7 ce. Sai shafin ya nuna 7 ne ma za ta tashi ba riba ba faɗuwa. Rubuta taka lambar a takarda ka manna inda kake ganinta, ka kuma faɗa wa wanda ke kula maka da talla, domin shi abin da ke kan allo yake gani, kuma da shi yake nuna maka aikinsa.

Gargaɗi: iyakar nan ba ta dawwama. Duk lokacin da kuɗin sari, kuɗin babur ko yawan kayan da ke dawowa ya canja, sake lissafin. Kuma idan kana sayar da kaya iri-iri, kowanne da iyakarsa. Abaya da turare ba za su zauna a lamba ɗaya ba.

Mataki na 8: Ware tsofaffin kwastomomi

Akwai wani abu kuma da ke kumbura lambar. A saitin da aka saba, Meta yana ɗaukar ciniki a matsayin aikin talla idan mutum ya danna tallar cikin kwana bakwai kafin ya saya, ko ya gan ta kawai cikin kwana ɗaya. A shafin za ka ga an rubuta 7-day click da 1-day view a ƙarƙashin Attribution setting. Ma'ana, matar da ta saba sayen humra wurinka duk wata biyu, idan tallar ta gifta ta wayarta jiya ta yi oda yau, shafin zai ce shi ya kawo ta.

Ɗauki lambobin wayar waɗanda suka saya a watan ka gwada da tsohon littafi. Hajiya ta tarar 7 cikin 40 tsofaffin kwastomominta ne, waɗanda saƙon WhatsApp kyauta ya isa ya tuna musu. Sababbin 33 ne, don haka kowace sabuwar kwastoma ta tsaya mata sama da ₦11,700.

A nan ne wasu ke cewa ai ba komai, wanda ya saya yau zai dawo gobe ba tare da talla ba. Maganar tana iya zama gaskiya ga turare da kayan da ke ƙarewa, amma littafi ne zai tabbatar. Duba waɗanda suka fara saye wata shida da suka wuce, nawa ne suka dawo, sau nawa. Idan ba ka da wannan a rubuce, kada ka ci bashin ribar da ba ta zo ba.

Mataki na 9: Gyara abu ɗaya, ka sake aunawa

Kada ka kashe tallar gaba ɗaya don firgici, kada kuma ka canja farashi, hoto, unguwa da tsarin biya a rana ɗaya, domin ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Duba lissafinka ka ga ina ramin ya fi zurfi. Na Hajiya a kai kaya yake: ₦185,500 tsakanin babur, dawowa da ɓarna.

Abin da ta canja ɗaya ne. Mai oda zai turo ₦3,000 na babur tun kafin a fita da kaya, ban da ₦25,000 na kayan da zai biya idan sun iso, kuma ta sa aka gyara shafin ya daina ƙirga oda sai wadda aka biya wa kuɗin babur. Da kuɗin talla iri ɗaya, oda ta sauko zuwa 41, ROAS ya faɗo zuwa 3.4. Yaron da ke kula da tallar ya kira hankalinsa a tashe: "Hajiya, tallar nan ta lalace, mu koma yadda muke." Ta ce masa, "Ɗana, bari wata ya ƙare mu ga banki."

A cikin 41, an karɓi 39. Bayan ragin ₦10,000, kuɗin kaya da suka shigo ₦965,000 ne. Kuɗin babur masu oda ne suka biya, kayan har zuwa shago sun ci ₦487,500, dawo da guda biyu ₦3,000, waya ₦9,000, banki ₦6,000, saura ₦459,500. Talla da haraji da ladan yaron ₦362,500 ne, tunda tsohon bidiyon aka sake amfani da shi. Ta tashi da ₦97,000 a sama, iyakarta kuma ta sauko daga 7 zuwa kusan 2.7.

Gargaɗi: neman kuɗi kafin kaya yana korar wasu masu saye na gaskiya, domin mutanen Legas sun sha damfara a hannun masu sayarwa ta waya, kuma suna da hujjar yin taka-tsantsan. Idan shagonka sabo ne, ba adireshin da za a iya zuwa, ba shaidar waɗanda suka saya, odar na iya faɗuwa fiye da yadda ta faɗi a misalin nan. A irin wannan hali fara da abin da ya fi sauƙi: kira kowane mai oda da safen ranar da za a kai, kada kaya su hau babur sai ya ɗauka ya tabbatar da lokaci, sannan ka taƙaita tallar ga unguwannin da mataki na 5 ya nuna maka suna barin riba. Unguwanni masu nisa a ware musu rana ɗaya ko biyu a mako, mai babur ɗaya ya kwashi odarsu a tafiya guda.

Daga ₦97,000 ɗin nan ne Hajiya za ta cire rabon hayar shago da albashin yarinya. Idan tallar ce ke kawo rabin cinikin shagon, rabin waɗannan kuɗaɗen a kanta suke. Haya da albashi da wuta suna cin ₦120,000 a wata a wurinta, rabi ₦60,000, abin da ya rage mata na gaske ₦37,000 ne. Da wannan lambar za ta yanke shawarar ko ta ƙara kuɗin talla, kuma idan za ta ƙara, kaɗan-kaɗan, tana sake lissafin mataki na 3 zuwa na 7 duk ƙarshen wata, domin yayin da talla ke faɗaɗa zuwa mutanen da ba su san ta ba, kuɗin samo kowane mai saye yakan hau.